"Sun tashi" ko "suka tashi": yadda ake raba amsoshi biyu masu kama da juna a tambayar lokutan aikatau

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta matso, nakan zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandare a wani ɗakin karatu a Tudun Wadan Zariya, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, muna bitar tsofaffin tambayoyin Turanci. Na daɗe da lura da cewa tambayar da ke cinye makin yaro mai ƙoƙari ba ita ce wadda bai san komai a kanta ba. Wadda ya sani rabi ita ce ke kayar da shi. Za a ba shi jimla da gurbi a tsakiya, a jera masa amsoshi huɗu. Kafin ka ce kwabo ya watsar da biyu, don a fili suke ba daidai ba. Sai biyu su rage, ya karanta wannan ya ji ta zauna, ya karanta waccan ita ma ya ji ta zauna. Daga nan sai canki-canka.

Wannan ba haɗari ba ne, haka mai tsara tambayar ya shirya ta. Amsoshi biyun farko shara ce kawai ta cike gurbi. Ta ukun ita ce tarkon, kuma ba a ɗana tarko da abin da kowa zai gane. Ana zaɓo siffar aikatau wadda ita kanta Turanci ce mai kyau, wadda a wata jimlar ita ce za ta zama amsa, sai a ajiye ta a jimlar da ba tata ba. Saboda haka duk wanda ya tsaya yana auna amsoshin biyu da kunne, yana tambayar kansa wacce ta fi daɗin ji, ba zai fita ba. Dukansu suna da daɗin ji. Abin da zai raba su yana cikin jimlar, ba cikin su ba.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta har ƙarshe. Irin wannan ce na rubuta a allo wata ranar Talata:

When we got to the park, the buses ______ and the whole place was empty.
A. leave
B. have left
C. had left
D. left

A da B sun fita da wuri, domin labarin duk a baya ya faru, "got" da "was" sun nuna haka. Saura C da D. Wata ɗaliba da ke zuwa daga cikin birni, wadda ba ta wasa da karatu, ta ɗauki D. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malam, ai fassarawa na yi. Da muka isa tasha, motoci sun tashi. Abu ne da ya wuce, shi ya sa na ɗauki left."

Na ce mata, "'Yar nan, maimaita Hausar da kika faɗa, a hankali."

Ta maimaita. "Da muka isa tasha, motoci sun tashi."

"Me ya sa ba ki ce suka tashi ba?"

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "In na ce sai motoci suka tashi, ai a gabanmu suka tashi ke nan, muna isa suna tashi. In na ce sun tashi, ba mu ma same su ba."

Amsar tana bakinta tun farko, ba ta dai san ita ce amsar ba. Wannan bambancin da ta faɗa shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin C da D. "When we got there, the buses left" jimla ce lafiyayya, ma'anarta mun isa, sai motoci suka tashi, ɗaya na bin ɗaya. "When we got there, the buses had left" ita ma lafiyayya ce, ma'anarta ko da muka isa sun riga sun tashi. To wanne daga cikin labaran biyu tambayar ke bayarwa? Wutsiyar jimlar ce ta yanke hukunci, inda aka ce tashar wayam take. Tasha ba ta zama wayam a lokacin da motoci ke tashi a gabanka, da 'yan kamasho da masu rakiya da hayaniyarsu. Wanda ya taɓa makara a tashar Kwangila ya san bambancin ganin mota na fita da tarar da wurinta babu kowa. Amsar C ce.

Me ya sa yaranmu ke faɗawa wannan ramin, alhali harshensu na gida yana da bambancin? Dalilin yana cikin yadda aka koya musu abin. A ajin Turanci an ce musu lokaci uku ne, wanda ya wuce, wanda ake ciki, da mai zuwa. A ajin Hausa kuma an kira "sun" shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, "suka" shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Sai yaro ya haɗa lissafi da kansa, ya ce duk inda ya ji "sun" ko "suka" abu ya wuce, kuma abin da ya wuce a Turanci shi ne "left". Amma "sun" ba ta faɗin yaushe abu ya faru. Abin da take faɗi shi ne an gama aikin. Dubi yadda muke cewa "idan sun zo gobe zan gaya musu", ko "kafin ka dawo mun gama". Babu abin da ya wuce a nan, gobe ake nufi, amma ga "sun" ga "mun". Hausa tana duba ko aiki ya kammala, sannan ta bar sauran jimlar ta nuna lokacin. Turanci kuwa yana tilasta wa aikatau ya ɗauki nauyin duka biyun. Shi ya sa "sun tashi" guda ɗaya take iya zama abu uku a Turanci. "Sun tashi jiya" ita ce "left". "Sun tashi, ga wurin nan babu kowa" ita ce "have left". "Da muka je mun tarar sun tashi" ita ce "had left".

Don haka ban yarda da malaman da ke cewa kada yaro ya kuskura ya yi tunani da Hausa a jarrabawar Turanci ba. Zai yi, ko an hana shi, kuma Hausar tana iya taimakonsa idan ya san inda zai duba. Sharaɗin shi ne ya fassara jimlar gaba ɗayanta, ba gurbin kawai ba, kuma ya mai da mai aikin jam'i. Dalilin jam'in shi ne a rubutun boko "ya tashi" da "ta tashi" kamarsu ɗaya a lokutan biyu. Bambancinsu a tsawon wasali yake, kuma yaron da ke cikin fargabar jarrabawa ba zai tsaya yana sauraron tsawon wasali ba. Amma "sun" da "suka", "mun" da "muka", "an" da "aka", ba sa ɓuya. Ko da jimlar mota ɗaya ta ambata, ka mai da ita motoci a zuciyarka. In a cikin labarin baya bakinka ya kawo "sai suka", aikin yana bin sahun wanda ya gabace shi, ka ɗauki siffar da babu "had". In ya kawo "sun riga sun", aikin ya rigayi wancan, ka ɗauki mai "had".

Wannan ma'aunin yana da iyaka, kuma gara a san iyakar tun yanzu. Akwai wuraren da Hausa ke kawo "suka" don ƙa'idar ginin jimla, ba don jerin aukuwa ba. Bayan "da" mai bayani dole mu ce "yaran da suka tafi", kuma a tambaya dole mu ce "yaushe suka tafi", ko tafiyar ta rigayi wani abu ko ba ta rigaye shi ba. A irin waɗannan wuraren "suka" ba ta ba ka labarin komai. Haka ma a korewa, "ba su tashi ba" ta haɗe duka biyun. A nan sai ka gwada cusa "riga" ko "tukuna" ka ji. In "yaran da suka riga suka tafi" ta dace da labarin, ko "lokacin ba su tashi ba tukuna", to mai "had" ake nema.

Da zarar yara sun gane "had", sai wata sabuwar matsala ta taso, su fara zuba ta ko'ina. A tunaninsu ita ce ta abin da ya daɗe ƙwarai, "left" kuma ta abin da bai jima ba. Ba haka ba ne. Dubi wannan:

Ahmadu Bello University ______ in 1962.

Idan aka ba ka "was founded" da "had been founded", ta farkon ce amsa, duk da cewa 1962 ta haura shekara sittin. "Had" ba ruwanta da nisa. Tana buƙatar wani lokaci na biyu a baya wanda za ta tsaya a gabansa. A tambayar tasha, lokacin na biyu shi ne isarmu. A tambayar jami'a babu shi, aukuwa ɗaya ce da shekararta. Saboda haka kafin ka taɓa duk amsar da ke da "had", ka nemi wannan lokacin na biyu ka ɗora yatsa a kansa. In ka rasa shi a jimlar, bar ta.

Yanzu mu zo ga ɗaya tagwayen, wato mai "has" ko "have" da siffar da ta wuce zalla. A nan ina da laifin kaina. Shekaruna na farko a koyarwa na haddatar wa ɗalibai cewa duk inda suka ga "since" ko "for", su ɗauki mai "has". Na yi ne don in sauƙaƙa musu, kuma sau da yawa takan yi aiki. Amma mai tsara tambaya ya san ana yin wannan haddar, kuma da ita yake kama yara. Ga misali:

My grandfather ______ in Kofar Doka for forty years. He died in 2010.
A. lives
B. has lived
C. lived
D. is living

Yaron da ya haddace dokata zai ga "for" ya danna B bai ko kai ga jimla ta biyu ba. Amma "has lived" tana nufin zaman ya faro a baya ya iso har yau, ƙofarsa a buɗe take. Kakan nan ya rasu a 2010, shekara arba'in ɗin sun rufe. Amsar C ce. Da an cire jimla ta biyu an sa "and he still refuses to move", da B ce ta ci. Kalma ɗaya ba ta canja ba a kusa da gurbin, amma amsar ta juya.

Tambayar da nake so yaro ya yi wa kansa ke nan a irin wannan wuri: lokacin da ake magana a kansa ya rufe ne ko yana buɗe? "Yesterday", "last year", "two days ago", "in 2010", duk suna rufe ƙofa, kuma mai "has" ba ta shiga rufaffen lokaci, ko da sakamakon aikin yana nan. Shi ya sa "I have seen him yesterday" kuskure ce, duk da cewa ana jin ta kullum a bakin masu ilimi a Samaru da Kongo, kuma kunnen yaro ya saba da ita har ya ɗauka daidai ce. "So far", "up till now", "since", su kuma suna barin ƙofa a buɗe. "For" kuwa ba ta da ɓangare. Tsawo kawai take aunawa, kuma tana tafiya da kowanne. Wani lokacin ma ba kalmar lokaci ce ke rufe ƙofar ba. Rasuwa ce, ko ƙaura, ko ritaya, ko kalmar "late" da aka saƙala a gaban sunan mutum a farkon jimla, wadda ido ke tsallakewa.

Ita kanta "since" tana da tarko biyu. Na farko daga Hausa yake zuwa. Muna cewa "ina zaune a Sabon Gari tun 2015", da lokaci mai ci, don haka hannun yaro yana tafiya kai tsaye ga "am living". Turanci ba ya karɓar wannan, sai "have lived" ko "have been living". Na biyun ya fi shi dabara:

I have not seen him since he ______ Zaria.

Ga "left", ga "has left". Mai hadda zai ce ga "since", ya ɗauki "has left". Amma mai "have" ɗin da "since" ke nema an riga an ba da ita a farkon jimlar. Abin da ke biyo bayan "since" shi ne mafarin lissafin, ranar da ya bar gari, kuma wannan rana ɗaya ce da ta wuce ta rufe. Amsar "left" ce. Ba ganin kalmar ne ke da muhimmanci ba, sanin ta wane gefenta gurbin yake shi ne aikin.

Akwai kuma inda ake haɗa "has written" da "has been writing". Wannan bai kai sauran wuya ba. In jimlar ta faɗi adadi, kamar wasiƙa uku, sakamako ake ƙirgawa, sai ta farkon. In tsawon lokaci ta faɗa kuma aikin bai ƙare ba, sai ta biyun. Aikatau irin su "know", "own" da "belong", waɗanda hali suke nunawa ba aiki ba, ba sa ɗaukar siffa ta biyun, sai a ce "have known him for years".

To idan an bi duk wannan kuma har yanzu amsoshin biyu suna tsaye fa? Yana faruwa, kuma ba na son a ɓoye wa yara. "The buses left before we arrived" Turanci ne ingantacce, haka ma "had left before we arrived", domin "before" ta riga ta nuna wanda ya rigayi wani. Tambaya mai kyau ba za ta kawo su tare ba, amma ba kowace tambaya ce mai kyau ba, musamman a littattafan bita da ake sayarwa a bakin titi, waɗanda wani lokaci ma amsar da ke bayansu kuskure ce. Shawarata a nan ita ce yaro ya tuna an ce ya zaɓi wadda ta fi dacewa, ba wadda ita kaɗai ce daidai ba. In akwai aukuwa biyu a baya, kuma a fili ɗaya ta rigayi ɗaya, ya ɗauki mai "had", don ita ce ke nuna ƙa'idar da ake son a gwada. Haka in aka haɗa "I already ate" da "I have already eaten". Ta farkon ana yin ta a Turancin Amurka, yara sun sha jin ta a waya da talabijin. Amma Turancin makarantunmu a kan na Ingila aka gina shi, kuma ta biyun ce ke tafiya da shi.

Sai maganar lokaci, don duk wannan bayanin ba shi da amfani in ba zai shiga cikin daƙiƙun da ake da su ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya, kuma lissafi ko kimiyya za su ci fiye da rabonsu. Wannan matsin ne ke sa yaro ya karanta jimla zuwa gurbi ya tsaya, idonsa ya sauka kan amsoshi. Alhali a misalan da muka bi, hujjar kusan duk a bayan gurbin take: tashar da ta zama wayam, kakan da ya rasu, shekarar 1962. Abin da nake horar da su a kai shi ne su kai ƙarshen jimla kafin su kalli A. Sannan su nemo ɗaya aikataun da aka riga aka cike musu, don shi ne ke nuna inda mai magana ya tsaya, a yau ko a baya. Sai su tambayi kansu, aikin da ke gurbin ya rigayi wancan ne, ya biyo shi, ko ya taso daga baya ya iso yau? Wanda ya saba, wannan ba ya cin daƙiƙa ashirin. In ya yi haka bai ga hujja ba, ya zaɓi ɗaya ya danna N, maɓallin zuwa tambaya ta gaba, ya wuce. Sake karanta amsoshi biyun sau biyar ba zai ƙara masa komai ba, sai ma su ƙara kama da juna.

A wajen bita kuwa, ba na karɓar harafi kawai daga ɗalibi. In ya ce C, sai ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta sa ya ce C. Wanda ya ci amsa amma ya kasa jan layin, a wurina bai ci ba, don gobe in an canja wutsiyar jimlar zai faɗi. Da wannan layin ne kuma nake gane ciwon kowa. Wanda kullum layinsa ke kan "for" ko "since", hadda ce ke jan sa. Wanda layinsa ba ya wuce gurbi, gaggawa ce. Wanda ya ce shi dai haka ya ji ta fi daɗi, da kunne yake aiki, kuma shi ne ya fi buƙatar zama.

Mako biyu bayan tambayar tasha, na sake rubuta wa ajin wata, na canja mata kai:

When the rain stopped, the buses ______ one after the other.

Na ba su "left" da "had left" kamar wancan karon. Fiye da rabin ajin suka ɗauki "had left", don sun tuna ita ce ta ci a baya. Ɗalibar nan ta cikin birni ba ta ɗaga hannu da wuri ba, na ga leɓenta na motsi. Da na zo kanta ta ce, "Malam, left ce. Da ruwa ya ɗauke, sai motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ruwan suke jira, ba za a ce sun riga sun tashi ba." Na miƙa mata alli, ta je allo ta ja layi a ƙarƙashin "stopped", ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara wani a ƙarƙashin "one after the other".